Hotuna bakwai, hannu ɗaya: wanne za a saya wa Baba?

Assalamu alaikum Anti. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki wata biyu da suka wuce, ɓangaren dama. Yanzu yana iya zama da kansa, yana kuma tsayawa idan an riƙe shi, amma hannun daman ba ya damƙar komai. Yayanmu da ke Legas zai saya masa abin dogarawa da keke. Mai shago ya turo hotuna bakwai, ya ce mu zaɓa kafin Juma'a. Ni dai ƙarafa kawai nake gani. A gida an rabu biyu: wasu sun ce sandar hammata, tunda da ita Baffanmu ya warke bayan hatsarin babur, wasu sun ce mai taya da birki, don ita ta fi tsada. Tsakar gidanmu rairayi ce, ga dokin ƙofa a zaure. Ga hotunan nan. Yaya zan gane kowanne, kuma wanne ne nasa?

'Yarki daga Funtuwa

Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce.

Ki ajiye maganar fenti da farashi tukuna. Kowane hoto kika buɗe, wuri biyu za ki duba. Na farko inda hannu yake kamawa: mariƙi nawa ne, a ina yake, wanne hannu yake nema. Na biyu abin da yake taɓa ƙasa: ƙafa nawa, roba ce ko taya. Mariƙi shi ke gaya miki abin da kayan yake bukata daga jikin mutum, ƙafafu kuma su gaya miki irin ƙasar da zai iya takawa. Kayan da aka yi wa mariƙi a dama da hagu, don mai hannu biyu aka ƙera shi, komai kyansa. Da wannan kaɗai, uku daga cikin hotunanki sun fita. Amma bari mu bi su, don ki samu abin da za ki faɗa wa mutanen gida.

Hoto na ɗaya shi ne sandar hammata. Ba ta ɓuya: sanda biyu ne dogaye a jere, sun buɗe daga sama sun haɗe a ƙasa sun zama ƙafa ɗaya, da matashi a can sama, da mariƙi a kwance a tsakiya wanda aka ɗaure da noti mai fukafukai. Matashin nan na sama shi ne yake ruɗin mutane. Suna ɗauka a kansa ake ɗora nauyi, alhali bai kamata ya taɓa hammata ba ma. Idan an daidaita ta, yatsu biyu zuwa uku suna shiga tsakanin matashin da hammatar, a matse shi da gefen ƙirji, nauyin jiki duk ya sauka a tafin hannu ta mariƙin tsakiya. Wanda hannunsa ba ya damƙa kuwa, dole ya rataya a kan matashin. Jijiyoyin da suke motsa hannu ta hammata suke bi, idan aka yi ta danne su sai yatsu su fara dindiris, a ƙarshe wuyan hannu ya langaɓe ya kasa ɗagowa. Ga Baba akwai ƙarin matsala. Kafaɗar ɓangaren da ya shanye takan saki, domin naman da yake riƙe ƙashin a gurbinsa ya yi rauni, har wani lokaci ki sa yatsa ki ji ɗan rami a saman kafaɗar. Tura sanda ƙarƙashin irin wannan kafaɗa neman sabon ciwo ne. Baffanku ƙafa ɗaya ya karya, hannuwansa biyu lafiya lau, kansa bai rasa daidaito ba. Sandar ta yi masa aiki saboda don irinsa aka yi ta.

Tana da 'yar'uwa da ba ta cikin hotunan, amma za a iya kawo muku ita, don haka ki san ta. Sanda ɗaya ce tilo, ta ɗan karkata daga inda mariƙi yake, mariƙin ya fito gaba, a samansa kuma da ƙawanyar roba da take zagaye hannu ƙasa kaɗan da gwiwar hannu. Ita muka saba gani a hannun waɗanda shan inna ya taɓa, masu shekara da shekaru suna tafiya da ita, domin ba ta da nauyi kuma ƙawanyar tana barin mutum ya saki mariƙi ya buɗe ƙofa ba tare da sandar ta faɗi ba. Akwai masu ɓarin jiki da ake ba guda ɗaya a hannu mai lafiya idan tafiyarsu ta yi ƙwari. Ƙafarta ɗaya ce, don haka ba da ita ake farawa ba.

Hoto na biyu shi ne ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ma'aikatan asibiti suke kira woka. Ya kewaye mutum ta gaba da gefe biyu, bayansa a buɗe, mariƙi ɗaya a dama ɗaya a hagu, ƙafafun duk da roba. Cikin kayan tafiya babu wanda ya kai shi tsayawa daram, shi ya sa ake ba tsofaffin da aka yi wa aikin ƙugu. To amma ɗaga shi ake yi a ajiye gaba, sannan a taka a shiga cikinsa. Ki gwada ɗaga shi da hannun hagu kaɗai: ɓangaren dama zai ja ƙasa, ya juya, ƙafafun su sauka ba tare ba. Akwai irinsa mai ƙananan taya biyu a gaba da roba a baya, wanda turawa ake yi ba ɗagawa ba. Shi ma idan hannu ɗaya ne yake tura shi, kwana zai yi ta yi zuwa gefe guda. Na san akwai wanda ake ɗora wa wata 'yar kwarya mai laushi a gefe, a kwantar da hannu a ciki daga gwiwa zuwa wuyan hannu a ɗaure. Wannan likitan gashin ƙashi ne yake yanke shawararsa bayan ya duba kafaɗa, ba abin da za a zaɓa ta hoto ba ne.

Na uku shi ne wanda ya fi tsada, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Taya huɗu, mariƙai biyu sun miƙo baya wajen mai tuƙi, ƙarƙashin kowanne da hannun birki, ga wurin zama a tsakiya da kwando. An yi shi ne don wanda yake tafiya da ƙafarsa sarai, sai dai numfashi ko gajiya su sa ya nemi wurin hutawa a hanya. Ba ya ɗaukar nauyin mutum yadda mai ƙafar roba yake ɗauka. Idan aka jingina da shi, gaba yake yi. Abin da zai tsayar da shi birki ne, birkin kuma biyu ne, kowane hannu da tayarsa. Baba ya matse na hagu kaɗai, tayar hagu ta tsaya, ta dama ta ci gaba, abin ya juya da shi. Kuma kada wurin zaman ya sa wani ya ce an huta da sayen keke. Don a kulle birki a zauna a huta aka sa shi. Ba a tura mutum a kai, babu wurin ɗora ƙafa, kuma da tayar ta ci karo da dokin ƙofa, wanda yake zaune shi ne zai kifa. Ki gaya wa masu son sa cewa kuɗin da za a zuba a nan ya fi amfani a wajen matashin zama mai kyau.

Yanzu mun zo inda Baba yake. Hoto na huɗu da na biyar duk sanda ce ta hannu ɗaya, amma ba ɗaya suke ba.

Na huɗu kwagiri ne na alminiyam mai lanƙwasasshen kai da ƙafa ɗaya. Ki lura inda hannu yake sauka a kansa: a bayan sandar yake, ba a saitinta ba. Idan aka danna da ƙarfi, sandar tana son ta tuntsura, wuyan hannu ne yake ta gyara ta, tafin hannu kuma ya gaji da wuri saboda lanƙwasar ba ta cika shi ba. Kwagiri na mai ɗan ciwon gwiwa ne, ko dattijon da yake son abin taɓa ƙasa a hanyar masallaci. Kwagiri kowane iri ne, abin da yake ɗauke wa mutum bai wuce kusan kwata na nauyinsa ba. In sha Allahu ranar kwagiri za ta zo wa Baba, amma ba yanzu ba.

Na biyar ki ƙara girman hoton ki dube shi da kyau. Wuyan sandar ya fara karkata gaba, sannan ya dawo baya ya miƙe ya zama mariƙi a kwance mai soso. An yi wannan karkatar da gangan, don tsakiyar tafin hannu ya zauna daidai saitin sandar, nauyi ya bi ta ya sauka ƙasa kai tsaye. A ƙasan kuma farantin ƙarfe ne da gajerun ƙafafu huɗu. Idan aka sake ta, tana tsaye da kanta, wanda ga mai hannu ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, don zai iya sakinta ya gyara hula ko ya karɓi gaisuwa. Wannan ita ce aka fi fara ba masu ɓarin jiki.

Ga abin da mutane da yawa ba sa gani. Sandar ba a tsakiyar farantin take ba. Ƙafafu biyu sun baje sun yi nisa da sandar, biyu kuma sun tsaya kusa da ita kusan a miƙe. Waɗanda suke kusa su ne na ɓangaren jikin mutum, bajajjun su kalli waje. Idan aka juya, bajajjun ƙafafun suna shiga hanyar ƙafarsa, ya yi tuntuɓe da abin da aka saya don ya hana shi faɗuwa. Baba da hagu zai riƙe, hannun da yake kishiyar ƙafa mai rauni, kuma ko da hannun daman yana aiki haka ake yi. Saboda haka idan mariƙin yana kallon baya, bajajjun ƙafafun su kasance a hagu. A hoton nan a dama suke, wato an haɗa ta don mai riƙewa da dama. Yawancin irin waɗannan ana juya su: a sassauta zoben da yake ɗaure tsakiya, a danna ɗan maɓallin tagullan nan ya shige, a murza gindin rabin zagaye, maɓallin ya fito ta ramin ɗaya gefen, a ƙara ɗaure zoben. Yayanku ya sa mai shago ya yi haka a gabansa. Idan ba ta juyuwa, ya nemi ta hagu.

Gindin kansa iri biyu ne, mai faɗi da ƙarami. Mai faɗi ya fi tsayawa, amma ya fi nauyi, ba ya kuma zama a kan matakala. Kuma duk sanda mai ƙafa huɗu tana da sharaɗi guda: ƙafafun huɗu su sauka tare a ƙasa mai tauri marar gargada. A siminti ko tayil babu matsala. A rairayi, biyu su nutse biyu su tsaya, a gargada kuma ta yi ta rawa, har wani lokaci mai ƙafa ɗaya ta fi ta aminci a irin wannan wuri. Don haka daga ɗakin Baba zuwa bayan gida, da kuma zuwa zaure, a zuba siminti siriri ko a daɓe hanyar da kyau. A ɗauke tabarma da dardumar da suke kwance a hanyarsa, don gefensu yana kama ƙafar sanda, yana kuma kama yatsun ƙafar da take ja.

Akwai abu ɗaya da ba a turo ba wanda nake so yayanku ya tambaya, tunda har yanzu sai an riƙe Baba yake tsayawa. Ƙarfe ne mai ƙafa huɗu da yake buɗewa kamar ɗan tsani, ya fi gindin sanda faɗi nesa ba kusa ba, amma a gefen mutum yake tsayawa, ba a gabansa ba. Za ki ga mariƙi biyu a jikinsa, kada ki ce ya karya ƙa'idar da na ba ki: ɗaya a saman ɗaya suke, duk na hannu guda. Na ƙasan na dafawa ne a miƙe daga zaune, na saman na tafiya. Shi ne tsakanin woka da sanda, kuma don masu hannu ɗaya aka yi shi. Tsakanin sa da hoto na biyar, ba ni zan zaɓa ba, ba ke ba, ba mai shago ba. Likitan gashin ƙashi ne zai tsayar da Baba ya ga ko gwiwar dama tana riƙe shi ko lanƙwashewa take, ko yana sane da inda ƙafar take, ko jikinsa yana rinjaya gefe. Idan gwiwar ba ta fara riƙewa ba, babu sandar da za ta tsayar da shi, sai an ci gaba da motsa jiki tukuna. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai yi muku nisa ba, akwai sashen gashin ƙashi, haka ma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala. Ki tafi da hotunan a wayarki. Juma'ar mai shago ba wa'adin likita ba ce, kayan nan ba ƙarewa za su yi ba.

Tsawon sanda kuwa za ki iya aunawa tun yanzu. Ki samo tef ɗin tela. A tsayar da Baba, mutum biyu na riƙe da shi ta ƙugu, ba ta hannun da ya shanye ba, da takalmin da zai riƙa tafiya da shi, hannun hagu a sake a gefe. Ki auna daga ƙasa zuwa layin nan na wuyan hannu, inda agogo yake zama. Nan ne saman mariƙi zai tsaya. A ce kin samu inci 33. Yawancin sandunan alminiyam suna tashi daga wajen inci 30 zuwa 38, ramukansu inci ɗaya-ɗaya ne, to kin ga 33 ta faɗa ciki. Shaidar an daidaita ita ce gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa kaɗan idan ya riƙe, kafaɗun biyu kuma su zauna daidai. Kafaɗar hagu ta ɗaga zuwa kunne, sanda ta yi tsawo. Yana sunkuyawa gefe, ta yi gajarta. Tafiyar kuma sanda ce gaba, sai ƙafar dama, sai ta hagu. A dokin ƙofa ko matakala, mai lafiya ce take fara hawa, mai rauni take fara sauka.

Sai kekuna biyu. A nan tayar baya za ki fara kallo.

Hoto na shida ƙananan taya huɗu ne, na bayan ba su wuce inci 12 ba, kuma akwai hannun birki a jikin mariƙan turawa da ke bayan majingina. Duk abin kamawa a bayan mai zama yake, wato an ƙera shi don wani ya tura. Ba shi da nauyi, yana shiga but ɗin mota, yana da daɗi a barandar asibiti. Amma wanda yake kai ba zai iya matsar da kansa ko taku ɗaya ba, ƙananan tayoyin kuma da sun ga rairayi sun tsaya. Dattijon da ya saba shi yake fita ya ga abin da gida yake ciki, a zaunar da shi inda sai ya kira yaro kafin ya juya ya kalli ƙofa, abin yana cin rai fiye da yadda masu jinya suke zato.

Na bakwai yana da manyan tayoyin baya, inci 24 aka fi yi, kuma a wajen kowace taya akwai wani zoben ƙarfe da ya ɗan fi ta ƙanƙanta. Zoben nan shi ne mariƙin mai zama, da shi yake tura kansa. Za ki ce ai biyu ne, dama da hagu. Haka ne, hannu ɗaya kaɗai zagaye zai sa keken ya yi ta yi. Amma masu ɓarin jiki suna da dabararsu: hannun hagu ya tura zobe, ƙafar hagu ta sauka ƙasa ta ja ta kuma saita hanya. Wannan dabara tana neman abu biyu daga jikin keken, kuma su ne za ki tambaya. Na farko, wurin ɗora ƙafa ya zama mai juyawa gefe a cire shi gaba ɗaya, ba wanda aka yi wa walda da jikin keken ba, farantinsa kawai ke ɗagawa. A hoton ina ganin alamar ɗan makulli a saman kowanne kusa da gwiwa, wanda yake nuna mai cirewa ne, amma a tabbatar. Na biyu, wurin zama ya yi ƙasa yadda tafin ƙafarsa zai taka sosai. Keke na yau da kullum wurin zamansa yana kai inci 19 zuwa 20 daga ƙasa, wanda aka yi don masu jan ƙafa kuma wajen inci 17 da rabi. Ki auna Baba yana zaune, daga ƙasa zuwa bayan gwiwa, ki tuna matashi zai ƙara tsawo. Wasu kekunan suna da rami biyu a inda tayar baya take shiga da kuma cokalin tayar gaba, ana iya sauke su. Akwai kuma wanda ake sa wa zobe biyu a gefe guda, don hannu ɗaya ya sarrafa tayoyin biyu, sai dai yana da wuyar samu da nauyi da tsada.

Ki sa a ɗauko hoton ƙarƙashin wurin zama. Idan kin ga ƙarfe biyu sun gicciye, keken mai naɗewa ne, ana jan tsakiyar ledar sama ya haɗe. Ledar nan ba wurin zama ba ce ita kaɗai. Da ta kwana biyu takan lotsa, gwiwoyi su haɗe, mutum ya karkace zuwa ɓangaren da ba shi da ƙarfi. A yanka falanki daidai faɗin wurin a ɗora, a sa matashin soso mai tauri mai kauri a kai. Ɓangaren da ya shanye ba lallai ya ji zafin dogon zama ba, gyambo kuma daga ɗan ja ko duhun fata yake farawa, don haka a riƙa duba wajen zamansa kullum, a kuma sauya masa zama akai-akai.

Wurin ɗora hannu ma ki duba. Mai ɗagawa ko mai cirewa ya fi, saboda sauya shi daga gado zuwa keke. A ajiye keken ta hagunsa, a kulle birki biyu, a cire wurin ƙafa, ya juya ta ɓangaren da yake da ƙarfi. Kada kowa ya taka farantin ƙafa ya miƙe, keken kifewa zai yi. Hannun daman kuma kada a bar shi yana lilo a gefe: nauyinsa yana jan kafaɗa, yatsun kuma suna iya shiga wayoyin taya bai ji ba. A ɗora shi a kan filo a cinya. Birkin wannan keken ɗan hannu ne a gaban kowace taya da yake danne robar, na daman kuwa hagu ba ta kai masa da sauƙi. Guntun bututun roba na famfo da aka zura a kansa ya ƙara masa tsawo yana magance wannan. Idan tayar mai iska ce, ki sani da iska ta ragu birki ya daina kamawa. Mai roba tsantsa ba ta faci, ta fi dacewa da gidan da ƙaya da ƙusa ba sa rasuwa, ko da yake ta fi jijjiga.

Faɗi kuma ba a cewa a ba shi babba don ya sake. A auna Baba yana zaune a kan benci, a sa littafi a kowane gefen ƙugu, a auna tsakaninsu. A ce inci 16 ne. Keke mai wurin zama inci 18 ya yi, wanda shi ne ma aka fi samu, yatsu su shiga kowane gefe ba tare da matsi ba. Mai inci 20 zai bar shi ya zame gefe, zoben kuma ya yi wa hannunsa nisa. Daga bayan gwiwa zuwa bakin wurin zama a samu yatsu biyu zuwa uku. To amma mai inci 18, idan aka haɗa da tayoyi da zobba, faɗinsa yana kai wajen inci 26. Ki auna ƙofar ɗakinsa, ta zaure da ta bayan gida kafin a biya kuɗi. Ƙofar bayan gida ita ce ta fi ba da kunya. Idan inci 24 ce, keken ba zai shiga ba, kuma ko ya shiga, Baba ba zai iya tsuguno ba. Abin da ake nema a nan kujera ce mai rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, mai hannu biyu na dafawa. Ana ajiye ta a ɗaki, ko a cire bokitin a ɗora ta a kan masai. Dokin ƙofar zaure kuwa a yi masa gangare na siminti ta ciki da waje, mai sauƙin hawa. Kafin a yi, mai turawa ya taka ɗan ƙarfen da ya fito a baya kusa da ƙasa, tayoyin gaba su ɗaga su haye, saukowa kuma da baya ake yi.

Wani zai kawo maganar keken nan mai taya uku da ake murzawa da hannu, wanda masu walda a Kano da sauran garuruwanmu suke ƙerawa. Keken titi ne, na wanda ƙafafunsa suka shanye amma ƙirji da hannuwa suna da ƙarfi. Ya yi tsawo ga ɗaki, hawansa ma aiki ne.

Abu na ƙarshe, ki tambayi yayanku ko sababbi ne ko gwanjo, don fentin hoto na biyar ya ɗan koɗe a wajen ramuka. Gwanjo ba laifi ba ne idan an duba. Ya juya sandar ya kalli robobin ƙafa: idan zanen ƙasansu ya shafe, ko ƙarfe ya fara leƙowa, a sauya su duka huɗu tare, ya kuma sayo na ajiya masu faɗin bakin da ya dace da bututun. Ya girgiza ta, idan tana ƙara, ramukan sun buɗe ko zoben ya saki. Ramin da ya tashi daga zagaye ya koma dogo, maɓalli zai iya zamewa a ciki ana tsakiyar tafiya. Soson mariƙi kada ya juya a hannu. Keken kuma ya zauna a kai, ya kulle birki a tura shi a ga ko yana motsi, ya tura shi babu kowa a fili ya ga ko yana miƙewa ko yana jan gefe, ya duba walda a inda ƙarafan suka gicciye ko akwai tsaga, ya karanta takardar da aka manna a jiki wadda take nuna iyakar nauyin da yake ɗauka.

Saƙon da za ki tura masa ke nan: keken hoto na bakwai, idan wurin ƙafa yana cirewa kuma awon ya yi daidai da ƙugu da ƙofa, a haɗo da matashi da kujera mai bokiti. Sandar hoto na biyar, ko ƙarfen gefe, ya dakata sai likita ya tsayar da Baba ya faɗi wanne. Ki gaishe min da Baba da mutanen gida.